Addar da Ta Dace da Gonarka, da Hannun da Zai Riƙe Ta

Idan watan Afrilu ya kama a nan Gamu, zafi ya sauka, hankalin kowane magidanci yana komawa gona. Ruwa ba ya zuwa mana da wuri, sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, amma wanda bai gama sassabe da shara ba kafin hadarin farko, ya san zai shuka gerona ne a bayan na mutane. A wannan lokacin ne masu kayan ƙarfe suke baje addunansu a kasuwannin mako, iyaye kuma suna saye, yawanci don ɗan da ya tasa ya fara taimako.

Shekaruna na koyarwa sun haura ashirin, kuma kusan kowace bazara sai na ga yaro ya shigo aji da tsumma ɗaure a ƙwauri ko a yatsa. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: adda ce ta kuɓuce. Iyaye kan ɗora laifin a kan rashin natsuwar yaro. Ni kuwa idan na ce a kawo mini addar in gani, sau da yawa a nan nake samun bayanin. Ko dai ta fi ƙarfin wuyan hannunsa, ko kuma ba irin icen gonarsu aka ƙera ta ta sara ba. Uban ya shiga kasuwa, ya ɗauki wadda ta fi tsawo da sheƙi, ya taɓa bakinta da babban yatsa ya ji kaifi, ya biya. Kaifi kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, domin shi kaɗai ne za ka iya gyarawa a gida da magagari. Tsawo, siffa, kauri da inda nauyin ƙarfen ya zauna, waɗannan yadda ka saye su haka za su zauna har addar ta ƙare.

Kafin mutum ya je kasuwa, gona ya kamata ya fara zuwa. Addar da ake yi wa kirari a kudu, inda ciyawa take fin mutum tsawo kuma ƙasa a jiƙe take, aikinta daban ne da namu. Mu abin da muke sara a bazara tofon kututture ne: sabara, anza, magarya, aduwa, kandili, da tumfafiya nan da can. Yawancinsu kaurinsu daga yatsa ne zuwa wuyan hannu, icensu mai tauri, rabinsu masu ƙaya, kuma dukkansu a cikin rairayi suke tsaye. Wannan rairayin shi ne babban abokin gaban adda. Duk saran da ya wuce icen ya shiga ƙasa, kamar ka goga bakinta ne a kan dutse. Saboda haka tambayar farko ita ce: me ya fi yawa a gonata, kuma yaya kaurinsa? Idan abin da ya fi yawa ya fi wuyan hannunka kauri, ba adda kake bukata ba, gatari ne. Babu addar da za ta yi aikin gatari ba tare da ta ci kafaɗar mai ita ba.

Akwai kuma abin da ya sauya aikin sassabe kansa. Kakanninmu sukan aske gona ƙal, a tara a ƙone. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a yankin Maradi, ya fara nuna wa manoma cewa kututturan da ke gonakinsu suna da rai, abin da muke kira sassaben zamani ya bazu har ya zo Damagaram, ana maganar kadada miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a Nijar. Dabarar ba ta da wuya. A kowane kututture ka zaɓi tofo mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ka bar su, ka sare sauran, ka rage wa waɗanda ka bari rassan ƙasa. Mu da muke gundumar Gure, inda tudun rairayi yake tafiya yana cin gonaki, ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan amfanin ice a gona. Amma wannan aikin yana son adda mai jin magana, wadda za ta shiga tsakanin tofo goma ta cire bakwai ba tare da ta taɓa ukun da aka zaɓa ba. A kan wannan ma'auni nake duba kowace adda.

Mu fara da tsawo. Ana auna ƙarfen ne kawai, daga inda ƙota ta ƙare zuwa tsini. Addunan da ke zuwa kasuwanninmu suna farawa daga santimita 30 har zuwa 60. Ba sai ka tafi da abin awo ba, hannunka ya isa: kamu ɗaya na babban mutum, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya kusa santimita 45.

Doguwar adda, mai santimita 55 zuwa 60, tana da amfaninta. Kanta yana gudu sosai idan an wurga ta, tana share faɗin wuri a sara ɗaya, kuma tana nisanta hannu daga ƙaya. A kan ciyawa da karan gero babu kamarta. Matsalarta ita ce tana son fili. A cikin dunƙulen magarya ba ka da wurin ɗaga ta, sai kanta ya maƙale a reshen sama, saran ya kauce daga inda ka nufa. In kuma ta wuce icen, tsininta ne yake fara shiga rairayi. Gajeriya, mai santimita 30 zuwa 35, tana jin magana, sai dai tana kai yatsunka cikin ƙayar aduwa, tana kuma sa ka yini a duƙe. Ga irin gonakinmu, abin da na ga ya fi dacewa da babban mutum shi ne santimita 40 zuwa 45. Ga saurayin da bai gama ƙarfi ba, 35 zuwa 40.

Gwajin tsawo ɗaya ne, kuma a gaban mai kaya ake yinsa. Wanda zai yi aiki da addar ya miƙe tsaye, ya riƙe ta, ya saki hannunsa ƙasa. Tsinin ya tsaya wajen idon sawu ko sama da shi, kada ya taɓa ƙasa. In ya taɓa ƙasa mutum yana tsaye, to a gona rairayi za ta yini tana sara. Shi ya sa nake roƙon iyaye su je kasuwa da yaron. Adda kamar takalmi ce, ba a saya wa mutum ita da ƙiyasi.

Sai siffa. Iri uku ne aka fi gani. Akwai miƙaƙƙiya, wadda faɗinta kusan ɗaya ne daga ƙota har kusa da tsini. Akwai mai faɗin kai, wadda take siririya a wajen ƙota, ta buɗe ta yi tumbi a gaba. Akwai kuma mai lanƙwasa a kai kamar ƙugiya, wadda wasu maƙera suke yi. Bambancin ba na ado ba ne, domin inda ƙarfe ya fi faɗi, nan nauyi yake taruwa. Miƙaƙƙiya tana da sauƙin sarrafawa da sauƙin wasawa, amma a kan ice mai tauri sai ka ƙara mata ƙarfin damtse. Mai faɗin kai tana kai nauyinta daidai wurin da ke cin ice, sai ta nutse da kanta. Tumbin nan kuma yana da wata fa'ida a ƙasarmu: da yake bakin ya lanƙwasa sama wajen tsini, idan ka sara kusa da ƙasa tumbin ne yake samun icen, tsinin yana sama. Mai ƙugiya tana da daɗi wajen jawo reshen ƙaya da rage rassa, amma kanta yana karo da ƙasa idan ana saran gindi, kuma wasa cikin lanƙwasar sai da magagari mai zagaye. Wanda zai sayi guda ɗaya tak don sassabe, mai faɗin kai matsakaiciya ta fi masa. Tsini mai kaifi kamar na takobi kuwa ba shi da aikin yi a gona, sai dai ya soki ƙafa.

Kauri shi ne abin da mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta, don ana ɗauka mai kauri ita ce mai ƙarko. Ana duba kaurin ne a bayan addar. Ka ɗora tsinken ashana a kai, kaurinsa ya kusa milimita 2. Addunan kamfani masu sirantaka ba su cika kai tsinke ɗaya ba. Na maƙera, waɗanda ake bugawa da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, sukan kai tsinke biyu, wani lokaci har uku.

Siririya tana ratsa abu mai laushi kamar ruwa. Amma in ta samu busasshiyar aduwa sai ta yi rawa, girgizar ta hau hannu har gwiwa, ko ta nutse ta maƙale sai an yi ta jijjiga kafin ta fito. Idan kuma saran ya zo a karkace, takan lanƙwashe ta zame daga jikin icen, kuma wannan zamewar ce take kai ta ƙwauri. Mai kauri sosai ba ta maƙalewa, don tana buɗe icen kamar gatari, sai dai a kan siririn tofon sabara ba ta yanka, tura shi take yi ya kwanta ya sake tashi, ko ta farfasa shi ta bar kututturen da rauni. Ga kuma gajiya. Tsakanin tsinke ɗaya da ɗaya da rabi, wato milimita 2 zuwa 3, nan ne daidai ga tofonmu.

Akwai wani abu da ke raba addar ƙwarai da ta banza, wanda ba a gani sai an juya ta an kalli bayanta daga ƙota zuwa tsini. Ta ƙwarai tana da kauri a wajen ƙota, tana sirancewa a hankali zuwa kai. Kamfanin Ralph Martindale na Birmingham a Ingila, mai tambarin kada wanda dattawanmu suka sani, da wannan ya yi suna. Amfaninsa shi ne ƙarfin yana inda ƙarfe yake shan wahala, kan kuma bai yi nauyin da zai ja hannu ba. Mai arha yawanci daga fallen ƙarfe ɗaya aka yanke ta, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada dai tambari ya ruɗe ka, kama da wane ba ta wane. Hoton dabba a jikin ƙarfe kowa yana iya bugawa, sirancewar nan kuwa sai wanda ya yi aikin.

Yayin da kake duba kauri, ka gwada ƙarfen kansa. Ka kafa tsinin a kan ice, ka danna kaɗan har ta ɗan lanƙwasa, ka saki. In ta koma miƙe sak, ƙarfen ya ji wuta yadda ya kamata. In ta zauna a karkace, taushi gare ta, bakinta zai riƙa naɗewa. Sannan ka ja magagari a bakin sau ɗaya. Ya kamata ya ci ƙarfen amma da ɗan ƙoƙari. In ya ci kamar sabulu, ta yi taushi. In ya zame bai kama komai ba, ta yi tauri fiye da kima, irin wadda take yin giɓi ko ta karye in ta samu tsakuwa, kuma wasa ta a gida zai zama wahala. A ƙasar rairayi, inda sai an wasa adda kullum, wadda magagari yake ci ta fi wadda ba ya ci.

Na huɗu shi ne wanda ya fi dukkansu tasiri a jikin mai aiki, kuma shi ne ba a cika dubawa ba: inda nauyin addar ya zauna. Ka kwantar da ita a kan yatsa ɗaya, kana matsar da ita gaba da baya har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Sai ka auna daga wannan wurin zuwa bakin ƙota. In wurin yana kusa da ƙota, addar tana da sauƙi a hannu amma ba ta da duka. In ya yi nisa gaba, tana da duka amma tsayar da ita bayan sara yana da wuya, kuma wuyan hannu ne yake biyan kuɗin. Abin da wuyan hannu yake ji ba nauyin sikeli ba ne kawai, nauyin ne haɗe da nisansa daga hannu. Kowace mace da ta taɓa ɗaga tulu da miƙaƙƙen hannu ta san wannan. A aji nakan sa yara su ninka nauyin da nisan, su ga yadda adda mai sauƙi a sikeli take fin mai nauyi wahalar riƙewa. Ga adda mai tsawon kamu ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, nakan so wurin ya faɗo tsakanin santimita 10 zuwa 14 daga ƙota, wato faɗin yatsu biyar zuwa bakwai.

Bari in kawo misali ɗaya da na bi daga farko har ƙarshe. Yayana ya rasu ya bar gona a gabas da gari, ta yi shekara uku ba a noma ta ba. Matarsa ta yanke shawarar a dawo da ita, ɗanta na fari mai shekara 16 shi zai yi sassaben, ni in riƙa leƙa shi da yamma bayan an tashi daga makaranta. Kuɗin da ta ware na adda ɗaya ne, ba na biyu ba, kuma in ba ta yi ba babu na sakewa sai kaka. Muka fara zagaya gonar da yaron. Sabara ce ta fi yawa, tofonta kamar babban yatsa, sai magarya da anza, da aduwa guda shida da suka kai kaurin damtse. Muka ware aduwar nan, muka ce su ba na sara ba ne, rassan ƙasa kawai za a rage musu. Akwai ƴan gawo guda biyu ƙanana, muka ɗaura musu tsumma don kada a taɓa su. Ashe ke nan aikin addar shi ne tofo mai kaurin yatsa ɗaya zuwa uku, a cunkushe, rabinsa da ƙaya.

Ranar kasuwa muka ware guda uku, na ari sikelin wani mai awo, na fito da abin awon tsawo na aji. Ta farko doguwa ce miƙaƙƙiya, santimita 55, kaurinta bai kai tsinken ashana ba, nauyinta giram 500, nauyin ya zauna santimita 18 daga ƙota. Ta biyu ta maƙeri ce, santimita 35, kaurin tsinke biyu da rabi, giram 750, nauyin a santimita 13. Ta uku mai faɗin kai ce, santimita 40, tsinke ɗaya da rabi a gindi tana sirancewa, giram 550, nauyin a santimita 12.

Yaron doguwar yake so. Ya ce, "Baba, wannan ai ta fi sauƙi, ga ta kuma ta fi tsawo."

Na ce ya yi lissafin da kansa a ƙasa. Ta farko, 500 sau 18, ya ba shi 9,000. Ta biyu, 750 sau 13, ya ba shi 9,750. Ta uku, 550 sau 12, ya ba shi 6,600. Wadda ta fi sauƙi a sikeli ta kusa kamo ta maƙeri wajen jan wuyan hannu. Don kada abin ya tsaya a lissafi, na sa ya riƙe kowacce ya miƙa hannu, ƙarfen a kwance, ya ƙirga talatin. Da doguwar da ta maƙerin, kafin ya kai ƙarshe kan ya fara sunkuyawa. Da ta ukun bai motsa ba. Da ya saki hannu ƙasa kuma, doguwar ta ja layi a rairayi.

Mai kayan ya ce, "Malam, ai yaro girma zai yi, ka ɗaukar masa babbar ta daɗe masa." Wannan magana ce da iyaye da yawa suke yarda da ita, don haka muke yi da riga. Amma riga in ta yi yawa naɗe ta ake yi, adda in ta yi yawa ƙafa take nema. Na roƙi ya ba mu guntun ice mu gwada, ya ba mu. Na sa yaron ya riƙa buga icen a hankali da wurare daban-daban na bakin ta ukun, daga tsakiya zuwa tsini. Akwai wurin da dukan ya zauna shiru, hannu bai ji girgiza ba, kusan kashi ɗaya cikin uku daga tsini, kuma daidai tumbin ya faɗo. Wannan ita ce alamar an ƙera adda da hankali: wurin da ba ya girgiza ya haɗu da wurin da ya fi faɗi. Da ta maƙerin ma haka ne, kuma gaskiya ita ce ta fi su ƙarfe. Da gonar mai kauraren itatuwa ce, mai saran kuma ƙato, ita zan ɗauka. Ba ta dace da sabara da hannun ɗan shekara 16 ba ne kawai.

Abu na ƙarshe da muka duba ƙota ce, domin duk kyan ƙarfe ta nan yake haɗuwa da mutum. Ƙarfen ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe, ƙusoshi uku suna riƙe da shi, mun girgiza ba mu ji motsi ba. Gindin ƙotar yana da ɗan kumburi da ke tare ƙaramin yatsa, abin da ke hana ta fita daga hannu idan gumi ya zubo. Icen ya ɗan fi ƙarfen faɗi, gefensa da kaifi, irin wanda ke tayar da bororo a tafin hannu cikin awa ɗaya. Wannan ba aibi ba ne da zai hana saye. A gida muka kankare shi da magagari, muka naɗe da igiyar fata.

Sabuwar addar kamfani yawanci ba ta zuwa da bakin aiki, sai an fitar mata. Muka kafa ta a jikin kututture, muka ja magagari daga ɓangarorin biyu. Ba mu yi mata siririn baki irin na wuƙar fawa ba, don irinsa ba ya kwana ɗaya a rairayi. Mun bar wa bakin ɗan kauri a bayansa, mai gangara a hankali. Faɗin tafin hannu ɗaya daga ƙota kuma ba mu wasa shi ba sam. Wurin ba ya sara komai, in kuma hannu ya zame gaba, kan dakusasshen ƙarfe zai sauka.

A gona ne zaɓin yake nuna kansa, kuma akwai alamomin da uba zai duba ko bai taɓa riƙe adda ba. Ka dubi wurin saran. In ya fita sumul a karkace, kamar an fere alƙalami, addar da icen sun dace. In ya farfashe ya yi gashi, ko ta dakushe ko ta yi kauri. In rabin sara ne a ko'ina, an sara an bari an sake sara a wani wuri, ba ta da duka ko tana zamewa. Ka dubi bakin addar da yamma a hasken rana: inda yake ƙyalli ya naɗe ke nan, in kuma ƙyallin duk a wajen tsini yake, tana shiga ƙasa, ta yi wa mai ita tsawo. Sannan ka tambayi yaron inda yake masa ciwo. Gajiyar kafaɗa da baya ta aiki ce, kowa yana yinta. Ciwon wuyan hannu da na gwiwar hannu kuwa daga adda yake zuwa. A gonar yayana, tofon sabara sara ɗaya yake ɗauka, magarya biyu ko uku. Yaron yana riƙe da sanda mai ƙugiya a hannun hagu yana kwantar da tofon, ƙafarsa ta gaba ba ta kan hanyar sara. Rassan tofon da aka bari kuma daga ƙasa zuwa sama yake yanke su, don kada reshen ya faɗo ya ɓare ɓawon. Irin wannan yankan na sama da doguwar adda ba ya yiwuwa cikin kwanciyar hankali. Ya gama kafin ruwan farko, kuma ƙayar da ya sare ita aka yi wa ƴan gawon nan shinge da ita saboda awaki.

Ga ƴan uwana malamai da ke da gonar makaranta ko lambu, shawarata ita ce kada kwamitin iyaye ya sayo adduna iri ɗaya dozin guda don an yi musu rangwame. A sayi kaɗan masu tsawo daban-daban, kowacce a rubuta tsawonta a ƙota. Yaran firamare kuwa ba su da aiki da adda ko kaɗan, nasu jan rassa ne da tarawa, nesa da mai sara. Amma darasin awon kansa nasu ne. Adduna uku da ba a wasa ba, a hannun malami, da sikeli da abin awon tsawo, sun isa darasin ninkawa na rana guda. Yaron da ya gano da alli cewa giram 500 yana iya fin giram 550 wahalar riƙewa zai kai labarin gida, kuma sau da yawa ta bakinsa uban yake fara jin cewa akwai abin dubawa a jikin adda bayan kaifi.

Ga iyaye kuma, duk gwajin nan bai fi minti goma ba a gaban mai kaya, kuma ba ya cin ko dala. Mai kayan kirki ba ya hana a gwada, wanda ya hana kuwa ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Ka tafi da wanda zai yi saran, ka tafi da tsinken ashana da magagari, ka riƙa tuna icen da ke gonarka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare mana hannuwan ƴaƴanmu.